Darasin rawa ga 'yan sakandare masu farawa: ƙidaya, taku, da inda ƙafa ke rikicewa

Malama Rabi: Salamu alaikum malamai. Ina neman shawarar masu koyar da wasannin motsa jiki. Darasi shida ne a gabana, kowanne minti 40, kuma ana so a ƙarshe ɗalibai su iya gajeriyar rawa ta rukuni. Yawancinsu ba su taɓa yin rawar da ake ƙidaya wa ba. Abin da ya ɗaure min kai: idan muna tafi, kusan kowa yana kan bugu. Da zarar ƙafa ta shigo, kafin a ƙirga ɗaya zuwa takwas karo na biyu rabin aji ya nufi dama rabi ya nufi hagu. Kunne ne matsalar, ko takun ne ya yi musu wuya?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Ni a ganina ki daina ƙidayar nan. Ki kunna musu kiɗa tun ranar farko, ki tsaya a gaba su bi ki. Jiki ya fi kai saurin ɗauka. Lissafi ne ke sa yaro ya sandare.

Malam Isiyaku: Malam Sabo yana da gaskiya a gefe ɗaya, kiɗa ya shigo tun ranar farko. Amma abin da Malama ta kwatanta ba ciwon kunne ba ne. Wanda ya iya tafi a kan bugu yana jin bugun. Abin da bai sani ba shi ne wace ƙafa ke ɗauke da nauyinsa.

Abu biyu ƙafa ke yi a rawar masu farawa. Ko ta taka, nauyin jiki ya koma kanta gaba ɗaya. Ko ta taɓa ƙasa da yatsu kawai, nauyi ya zauna inda yake. Daga nesa duk kama ɗaya suke, shi ya sa ɗalibin da ke kwaikwayo da ido ba ya rarrabewa. Sai ya taka inda ya kamata ya taɓa. Yanzu ƙafar da ake so ta motsa ita ke ɗauke da shi, ba za ta ɗagu ba, sai ya ɗaga ɗayar ya nufi wancan gefen. Daga nan duk abin da ya biyo baya a juye yake, alhali bai rasa bugu ko ɗaya ba.

Ga gwajin minti biyu, Malama. Suna cikin taku ki ce “tsaya” a kan huɗu, sannan ki ce kowa ya ɗaga ƙafar da babu nauyi a kanta. Wanda ya ɗaga nan take yana lafiya. Wanda sai da ya ɗan karkata kafin ƙafar ta tashi, ya raba nauyinsa biyu. Wanda ya ɗaga wadda ba ita ba, ya taka maimakon taɓawa.

Malama Rabi: Wannan ya yi kama da abin da nake gani, Malam. To yaya zan tsara takun yadda ba zai riƙa kai su ga wannan ba?

Malam Isiyaku: Ki gina rawa mai bugu 32, takwas sau huɗu, kuma kowace takwas ta fara da ƙafar dama. Ribar hakan ita ce wanda ya ɓace yana da ƙofar dawowa bayan kowane bugu takwas: ya jira “ɗaya”, ya sa dama.

Takwas ta farko, taka-taɓa. Ɗaya, dama ta taka gefe. Biyu, hagu ta taɓa kusa da ita. Uku, hagu ta taka gefe. Huɗu, dama ta taɓa. A maimaita daga biyar zuwa takwas.

Takwas ta biyu, takun harɗe. Ɗaya, dama gefe. Biyu, hagu ta zagayo ta bayan dama ta taka. Uku, dama gefe. Huɗu, hagu ta taɓa. Sai a dawo: hagu gefe, dama ta baya, hagu gefe, dama ta taɓa a kan takwas.

Takwas ta uku, tafiya. Dama, hagu, dama zuwa gaba, hagu ta taɓa tare da tafi a kan huɗu. Hagu, dama, hagu da baya, dama ta taɓa da tafi a kan takwas.

Takwas ta huɗu, buɗe-rufe da juyi. Ɗaya, dama gaba ta ɗan buɗe waje. Biyu, hagu gaba ta buɗe nata gefen. Uku, dama ta koma tsakiya. Huɗu, hagu ta koma tsakiya ta taka. Biyar, dama gaba. Shida, a dakata. Bakwai, a juya kwata zuwa hagu nauyi ya koma kan hagu. Takwas, tafi.

Kafin ki kai wa ɗalibai kowace takwas da kika ƙirƙira, ki ƙirga sau nawa nauyi ya canza ƙafa a cikinta. Idan adadin yana rabuwa biyu cif, za ki ƙare da ƙafar da kika fara da ita a sake, babu nauyi a kanta. A nan ta farko sau huɗu ne, sauran ukun sau shida-shida. Idan ya zo biyar ko bakwai, takwas ta gaba da hagu za ta fara, ko kin so ko ba ki so ba.

Malama Asabe: Malam Isiyaku, akwai tarko a takwas ɗinka ta huɗu. Takwas uku a jere ka koya wa ƙafarsu cewa huɗu taɓawa ce. Sai ka zo ta ƙarshe ka mayar da huɗu takawa. Da yawa za su taɓa da hagu saboda sabo, nauyi ya zauna a dama, sai biyar ta zo dama ta ƙi ɗaguwa. Kuma a daidai wurin ne juyi yake, inda ɓata ya fi fitowa fili.

Malam Isiyaku: Haka ne, Malama Asabe, kuma da gangan na bar shi. Wurin ne malami zai gane wanda ya fahimci nauyi da wanda ya haddace. Amma ba a koyar da ita da lamba da farko. Da kalma ake yi: “buɗe, buɗe, rufe, rufe”. Kalma ɗaya sau biyu tana gaya wa ƙafa cewa aiki iri ɗaya ne. Idan ajin ya yi rauni, a cire ta a sa taku huɗu a wuri ɗaya, dama hagu dama hagu, lissafin nauyi bai canza ba.

Malama Asabe: Ni da zan cire ta ne daga farko in mayar da ita a darasi na biyar ga rukunin da ya shirya. Darasi shida ba shi da yawa da za a kashe rabin ɗaya kan bugu huɗu.

Malam Garba: Tun da wasan ƙarshen zango ne, ki fara tunanin kaya da yadda za su shigo dandamali. Iyaye abin da suke gani ke nan. Ki zaɓi goma da suka fi iyawa ki sa su gaba, sauran su yi tafi a baya.

Malama Rabi: Ba wasan biki ba ne, Malam Garba. Darasi ne na aji, kowa sai ya yi, kuma kowa zan ba maki.

Malam Garba: To, na ɗauka na taro ne. Amma maganar jeri tana nan. Kada layin gaba ya zama na mutum ɗaya kullum.

Malam Isiyaku: Wannan kam daidai ne. Bayan kowane zagaye biyu ko uku layin gaba ya koma baya, kowa ya matso. Kuma juyin kwata yana taimakawa: idan an yi rawar sau huɗu an fuskanci bango huɗu, wanda yake gefe ya zama na gaba, babu wanda zai kalla sai kansa.

Malam Sabo: Har yanzu ba a amsa min ba. Wane amfani lamba take yi wanda kiɗa bai yi ba?

Malama Asabe: Lamba ce ke ba wa wuri suna, Malam Sabo. Idan ɗaliba ta ɓata, za ka iya ce mata “shida ta takwas ta biyu, ƙafarki ta gaba ta bi maimakon baya”. Ba tare da lamba ba sai dai ka ce “wajen nan”, ku sake tun daga farko. Kuma idan ka raba su rukuni su ƙirƙiri nasu, da lamba za su yi yarjejeniya. Inda na yarda da kai shi ne lamba ba ta zama har ƙarshe. Malami ya ƙirga, sannan su ƙirga da murya, sannan su faɗi “ɗaya” da “biyar” kawai, sannan shiru.

Akwai wani abu game da ƙidaya da Hausa da ya kamata Malama Rabi ta sani. Daga ɗaya har takwas, kowace lamba gaɓa biyu ce: ɗa-ya, bi-yu, u-ku, hu-ɗu, bi-yar, shi-da, ba-kwai, ta-kwas. Wasu ɗalibai sai su taka a kan kowace gaɓa, su ninka saurin. Wasu kuma su jira a gama faɗin kalmar kafin su sa ƙafa, su makara da rabin bugu. Ki gaya musu tun farko cewa ƙafa tana sauka a gaɓar farko, ki ɗora ƙarfin murya a kanta, ki tafa a kanta. Gaɓar ta biyu kuma kyauta ce: ita ce rabin bugu. Ranar da kika so taku mai sauri, uku a cikin bugu biyu, ba sai kin ƙara wata kalma ba, “ɗa-ya-bi” ta ba ki ukun.

Malam Isiyaku: Ƙari ɗaya: biyu da biyar da sauti ɗaya suke farawa, a fili mai hayaniya ba a rarrabe su. A ɗaga murya a kan biyar, ko a ɗaga hannu. Kuma kullum a shigar da su da “biyar, shida, bakwai, takwas” a ainihin saurin da za a yi rawar. Malamai da yawa suna faɗin wannan a hankali, sannan su ruga daga ɗaya. An gaya wa jiki sauri ɗaya, an nemi wani.

Malama Rabi: Saurin fa? Yaya zan san waƙa ta dace kafin in kai aji?

Malam Isiyaku: Ki saurara ki buga ƙafa a kan bugun da jiki ke bi da kansa, ki ƙirga na daƙiƙa 15, ki ninka sau huɗu. Idan kin samu 28, waƙar tana da bugu 112 a minti. Manhajojin waya na metronom, wato abin da ke buga sauti a tazara iri ɗaya, suna nuna wannan adadin da haruffan BPM, kuma yawancinsu suna da maɓallin da ake dannawa tare da kiɗa su fitar da shi.

Ga masu farawa, tsakanin 100 da 120 ne wurin zama. A 120 kowane bugu rabin daƙiƙa ne, rawar bugu 32 tana cin daƙiƙa 16, bango huɗu minti ɗaya da daƙiƙa huɗu. Koyarwa kuma ki fara wajen 90 da metronom ko ganga, ki riƙa ƙara biyar ko goma idan yawancin aji sun yi zagaye biyu a jere ba ɓata. Kada ki sauka ƙasa sosai da sunan sauƙaƙawa. A 60 tsakanin bugu da bugu daƙiƙa guda ce cur, ɗalibi yana tsaye kan ƙafa ɗaya yana tangaɗi, sai ya sauke ɗayar don kada ya faɗi. Kin ga jinkirin da kansa ya haifar da kuskuren da ake gudu.

Malam Tanko: Ni makaɗi ne kafin in zama malami, bari in sa baki. Kuna magana kamar kowane kiɗa huɗu-huɗu yake tafiya. Akwai mai tafiya uku-uku, akwai kuma wanda bugunsa huɗu ne amma kowane bugu ya kasu uku a ciki. Wanda ya ɗauki irin wannan ya ce zai ƙirga takwas, wuya zai sha.

Malam Isiyaku: Ranka ya daɗe, a raba su. Mai tafiya uku-uku ba ya hawa wannan rawar ko kaɗan, shida ake ƙirga masa, a ajiye shi sai wani zango. Amma wanda manyan bugunsa huɗu ne yana ɗaukar takwas lafiya, muddin ƙafa tana bin manyan bugun. Abin da zai lalace shi ne dabarar Malama Asabe ta gaɓa biyu, don cikin bugun uku ne ba biyu ba.

Malam Tanko: A takarda haka ne. A aji, yaro zai ji ƙananan bugun sun fi fitowa ya bi su. Sai dai a samu mai ganga ya riƙa danne manyan da ƙarfi. Ni dai ga mai farawa ba zan kai shi ba.

Malama Asabe: A nan ina tare da Malam Tanko. Waƙar farko ta zama mai bugu a fili, babu ado.

Kuma ki zana taswirar waƙar, Malama Rabi, wannan shi ne abin da ake mantawa. Ki zauna da takarda, ki nemo “ɗaya”, yawanci inda baiti ko amshi ke farawa ko inda wani kayan kiɗa ke shigowa. Kowace takwas ki ja layi ɗaya, kowane layi huɗu ki zagaye su. Idan waƙar ta tafi huɗu-huɗu har ƙarshe, kin huta. Sau da yawa za ki tarar da wurin da aka ƙara takwas biyu ko bugu huɗu kacal kafin amshi. Idan ba ki sani ba, daga wurin rawar za ta riƙa farawa a tsakiyar baiti, ɗaliban da suka fi kunne su ne za su fara rikicewa, ki ɗauka su ne masu laifi. Ko ki canza waƙa, ko ki cike gurbin da taku a wuri ɗaya gwargwadon ƙarin, ki sanar da su tun kafin.

Malam Bala: Tawa matsalar daban ce. Ajina ya haura 60 kuma a fili muke yi. Na baya kullum a makare suke, ko da sun iya.

Malam Isiyaku: Abu biyu ke haɗuwa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka wanda ke mita 30 daga lasifika yana jin bugu bayan kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. A 120 wannan ya kusa kashi ɗaya cikin biyar na bugu, ido yana iya ganinsa. Amma babban dalilin shi ne na baya ba kiɗa yake bi ba, na gabansa yake kallo, shi ma na gabansa, kowa yana ƙara ɗan jinkiri. Ka mayar da lasifikar gefe wajen tsakiyar jeri, ka yi layuka masu faɗi marasa zurfi, huɗu na mutum 15 maimakon goma na mutum shida. Ko ka raba su biyu: rabi na rawa, rabi na tafi da ƙidaya, kowane mai tafi yana lura da ƙafar mutum ɗaya a kan huɗu da takwas. Tazara kuma, kowa ya miƙa hannu biyu kada ya taɓa na gefensa, kuma a bar fili a ƙarshen layi ta kowane ɓangare, don harɗe da tafiya suna cin wuri kuma juyi yana kai su kowace fuska.

Malam Bala: Layin mutum 15 da hannu a miƙe ai ya doshi mita 25. Na ƙarshen layi ba zai ga ƙafata ba.

Malam Isiyaku: Gaskiya ne. To rabawa biyun ita ce mafita, layi huɗu na mutum bakwai ko takwas.

Malama Rabi: Tambaya ta gaba. In fuskance su ne, ko in ba su baya?

Malam Sabo: Fuskanta mana. Yaya za ki gyara abin da ba ki gani?

Malama Asabe: Idan ta fuskance su dole ta zama madubi: bakinta na cewa dama, ƙafarta ta hagu ce ke tafiya. Taka-taɓa ba komai. Amma a harɗe da juyi, madubin na rikita ɗalibi, wani lokaci har malamin. Ni shawarata, sabon taku a nuna shi da baya, su ga ƙafa daidai da tasu. Idan sun kama sai a juyo a duba.

Malam Isiyaku: Ina tsakanin ku. Juyi dole da baya. Sauran kuwa, wanda ya saba madubi ya yi abinsa, amma kada ya canza salo a tsakiyar takwas, kuma ya faɗa duk lokacin da ya juyo. Abin da ya fi duka amfani shi ne a daina dogaro da dama da hagu kaɗai, don akwai ɗaliban da sai sun yi tunani kafin su rarrabe. A ce “wajen ƙofa”, “wajen taga”. Sai dai bayan juyin kwata ƙofar ta bar inda take a jikinsu, saboda haka kafin darasin juyi a janye wannan a koma sunan ƙafa.

Rabon darasin kuma ga yadda zan yi. Na farko babu rawa: tafi, tafiya kan bugu, neman “ɗaya” a waƙa, sai taka da taɓa da gwajin ɗaga ƙafa. Na biyu takwas ta farko da ta uku, don su ne masu sauƙi. Na uku harɗe shi kaɗai, sannan a jera ukun. Na huɗu buɗe-rufe da juyi, bango ɗaya tukuna, sai biyu. Na biyar bango huɗu da waƙa, kuma rukuni na mutum huɗu ko biyar su ƙirƙiri takwas ɗaya tasu da sharaɗin ta fara da dama ta ƙare dama a sake. Na shida gwaji. Cikin minti 40, biyar zuwa bakwai na ɗumama jiki, kuma a yi shi kan bugu don kada lokacin ya tafi a banza. A kowane darasi a ware lokaci ga mahaɗa: bugu biyu na ƙarshen wata takwas da biyu na farkon mai bi mata, a maimaita su kaɗai. Ɗalibi yakan iya kowace takwas, ya tsaya cak a tsakaninsu.

Hannu kuma a bar shi sai ƙafa ta zauna. Tafi kaɗai ya isa har darasi na biyar.

Malam Garba: Rubutawa fa? Na san akwai tsarin rubuta rawa na Rudolf Laban.

Malama Asabe: Akwai, tun 1928 ya fitar da shi, amma koyon alamominsa ma darasi ne mai zaman kansa. Gida takwas a allo sun isa: lamba a sama, D ko H a ƙasa don dama ko hagu, a ja layi ƙarƙashin wanda taɓawa ce. Rukuni ma da shi za su duba ko lissafin nauyinsu ya fita.

Malama Rabi: Maki ne ya rage. Ina tunanin abu uku: tsayawa kan bugu, ƙafar da ta dace, da bin jerin takun.

Malam Isiyaku: Ki ƙara na huɗu: dawowa. Wanda ya ɓace a harɗe ya jira “ɗaya” ya shigo da dama ya nuna ya fahimci ginin rawar. Ki gwada su shida-shida, bango biyu, daƙiƙa 32 ke nan a 120, kuma ki sa ido a bango na biyu, inda babu wanda suka saba kallo a gabansu.

Malam Sabo: Wanda ya yi rawa mai kyau da armashi amma da hagu ya fara fa? Sai a ba shi ƙasa da wanda ya sandare yana ƙirge?

Malama Asabe: A makin ƙafa, e. A makin bugu ya cinye duka. Idan kana so a saka armashi, sai ka gaya mana yadda malami biyu za su kalli ɗalibi ɗaya su ba shi maki iri ɗaya a kai.

Malam Sabo: A sa shi a takwas ɗin da suka ƙirƙira. Can babu wanda ya ce ga yadda za a yi.

Malama Rabi: Can kuma aikin rukuni ne, Malam, makin na mutum biyar ne. Zan fara da gwajin ɗaga ƙafa a darasi mai zuwa in ga nawa ne ke raba nauyi. Malam Tanko, idan da ganga zan koyar maimakon metronom, wane bugu zan fi dannewa, ɗaya kaɗai ko ɗaya da biyar?

Malam Tanko: Ɗaya da ƙarfi, biyar da ɗan ƙarfi, sauran a sassauta. Idan kin daidaita ƙarfinsu, za su ɗauki biyar a matsayin ɗaya su sake taku daga farko.